Ku Karanta Zanen Kafin Ku Gina Tebur, Don Allah

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani Alhaji abokin yayana ya kira ni shagonsa da ke Kantin Kwari, wai in zo in duba masa manhajar da ɗan ƙanwarsa ya haɗa masa ta lissafin ciniki. Tambaya ɗaya ya yi wa na'urar, turmi nawa na wata atamfa aka sayar a watan jiya, ta ba shi amsar da shi kansa ya san ƙarya ce, don bai ma taɓa sauke kaya masu yawan haka ba. Na tarar da yaron a zaune kan dilar shadda, kunne ɗaya toshe da abin sauraro, ya gaishe ni da rabin baki. Na ce, "Ina zanen rumbun bayananka?" Ya ce, "Baffa, ai akwai shi." Ya lalubo hoto a wayarsa, zane mai kyau tsaf wanda malaminsu ya ba su, akwati huɗu da layuka uku. Na buɗe abin da ya gina, sai na ga tebur uku na ajiye bayanai, alhali kowane akwati a zanen tebur ɗaya ne. Na ce ina na huɗun? Ya ce wai ya ga ba shi da amfani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ƙannena da 'ya'yana. Kuna kallon zanen nan kamar adon bango, ku karanta sunayen da ke cikin akwatuna, ku tsallake layukan da suka haɗa su, alhali duk maganar tana kan layukan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Shi wannan zane na dangantakar tebura ba jiya aka fara shi ba. Peter Chen ne ya fito da tsarinsa a 1976, shekara shida bayan Edgar Codd ya kawo tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna a 1970. A zanen Chen ana sa dangantaka cikin lu'ulu'u, a rubuta 1 ko N ko M a gefen layi. Amma wanda za ku fi gani yau shi ne mai ƙafar hankaka, kuma shi ne a wayar yaron nan. Alamominsa uku ne kacal. Idan layi ya rabu yatsu uku a jikin akwati, kamar sawun tsuntsu a rairayi, ma'anarsa da yawa. 'Yar sanda da ta gitta layi tana nufin ɗaya. Ɗan da'ira kuma yana nufin ana iya samun babu ko ɗaya. A kowane ƙarshen layi alama biyu ake jerawa: wadda ta manne da akwati tana faɗin mafi yawan abin da za a samu, ta bayanta tana faɗin mafi ƙaranci. Alama uku! Kun haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai har da na benci, amma alama uku sun gagare ku.

Ga yadda ake karatun, kuma sai da na sa yaron ya yi shi da baki a gaban kawunsa. Kowane layi jimla biyu ce, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta dawowa. Ka ɗora yatsa kan akwatin `kwastoma`, ka ce "kwastoma ɗaya", ka bi layin har can ƙarshensa, ka karanta alamar da ke jikin `rasit`. Da'ira ce da ƙafar hankaka, wato kwastoma ɗaya yana iya zama ba shi da rasit ko ɗaya, yana kuma iya tara rasit da yawa. Sai ka juyo, ka ce "rasit ɗaya", ka bi layin baya. Sanda biyu ne a jikin `kwastoma`, wato kowane rasit na mutum ɗaya ne tak, ba ya zama maraya, ba ya zama na mutum biyu. Wannan ita ce dangantakar ɗaya da masu yawa. Kuskuren da kuke yawan yi shi ne karanta alamar da ke kusa da inda kuka fara. Alamar can nesa ake karantawa, kuma kullum da kalmar "ɗaya" ake fara jimlar.

Da ka karanta haka, zanen ya riga ya gaya maka inda za ka ajiye lambar haɗi. Tana zama a ɓangaren da ƙafar hankaka take. Teburin `rasit` shi zai ɗauki ginshiƙin `kwastoma_id`, wanda a zane ake rubuta FK a gefensa, yana nuni zuwa ga `id` na kwastoma mai alamar PK, wato lambar da ta bambanta kowane kwastoma da saura. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rasit ɗaya lamba ɗaya yake buƙatar riƙewa, gurbi ɗaya ya ishe shi. Amma Hajiya mai sari daga Zinder da ke zuwa duk wata, gurbi nawa za ka tanadar mata in ka ce a layinta za a riƙa rubuta rasitanta? Uwa ba ta yawo da jerin 'ya'yanta a goshi, ɗa ne ake tambaya ɗan wane ne. Wannan ɓangaren dai yaron ya dace, ko da yake ina zargin kwafowa ya yi, don da na ce ya faɗi dalili sai ya hau sosa ƙeya.

Inda ya yi aika-aikar shi ne tsakanin `rasit` da `kaya`. Ku karanta da kanku. Rasit ɗaya yana ɗauke da kaya iri-iri, atamfa da shadda da leshi. Kaya iri ɗaya kuma yana fitowa a rasit da yawa, don ba mutum ɗaya ke sayen shadda a Kano ba. Yawa ta nan, yawa ta can. Irin wannan dangantaka ba ta da ɓangaren da gurbi ɗaya zai isa, shi ya sa ba a gina ta da tebur biyu. Dole a sa na uku a tsakiya, a karya ta zuwa ɗaya da masu yawa guda biyu, ƙafafun hankakan duka su juyo su kalli teburin tsakiyar. Shi ne akwatin `layin_rasit` da malaminsu ya zana masa, shi kuma gwani ya ga ba shi da amfani.

Me ya yi a madadinsa? Ya buɗe ginshiƙi ɗaya a `rasit` mai suna `kaya`, yana cusa lambobi da waƙafi. Rasit 501 ya rubuta `12,7,31`, rasit 502 ya rubuta `1,7`, rasit 503 ya rubuta `31`. Atamfar da Alhaji ya tambaya lambarta 1 ce, ga kuma yadda yaron yake nemo ta:

```sql
SELECT COUNT(*) FROM rasit WHERE kaya LIKE '%1%';
```

Na'ura ba ta san atamfa ba, harafin 1 aka ce ta nemo. Ta gan shi a cikin 12, ta gan shi a cikin 31, ta ce uku, alhali rasit 502 ne kaɗai ke da atamfar. Ko da ma ta ƙirga daidai, rasit ta ƙirga, ba turmi ba, domin babu inda aka rubuta turmi nawa aka ɗauka. Wasunku kuma wayonsu ya fi haka, sai su yi `kaya1`, `kaya2`, `kaya3`, ranar da mai haɗa lefe ya zo ya ɗauki kaya kala goma sha biyar sai ido ya raina fata. Duk cuta ɗaya ce: an ga yatsu uku a zane an kau da kai. Sauri ya haifi nawa.

Teburin da ya raina ga shi nan, layi bakwai:

```sql
CREATE TABLE layin_rasit (
  rasit_id INTEGER NOT NULL REFERENCES rasit(id),
  kaya_id  INTEGER NOT NULL REFERENCES kaya(id),
  adadi    INTEGER NOT NULL,
  farashi  INTEGER NOT NULL,
  PRIMARY KEY (rasit_id, kaya_id)
);
```

Yanzu rasit 501 ya zama layi uku a nan. Wata atamfa daban, lamba 12, turmi 3 a kan naira 18,000 kowane, ya kama 54,000. Shadda lamba 7, yadi 10 a kan 5,000, ya kama 50,000. Leshi lamba 31, guda 1 a kan 40,000. Jimla 144,000. Ku lura da `adadi` da `farashi`. Turmi 3 ɗin nan ba sifar atamfa ba ce, ba kuma ta rasit ba ce, sifar haɗuwarsu ce, don haka ba su da gida sai teburin tsakiya. Farashin ma haka. Shi yaron daga teburin `kaya` yake ɗauko farashi duk lokacin da aka buɗe tsohon rasit, saboda haka ranar da Alhaji ya ƙara wa shadda kuɗi, bashin da ake bin mutane tun kafin azumi shi ma ya tashi da kansa. Ku auna irin rigimar da wannan zai haifa tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki da amana.

Na ja masa kunne kan abu biyu kafin ya fara murna. Wancan mabuɗi na haɗin lamba biyu yana hana kaya ɗaya fitowa sau biyu a rasit ɗaya. In Alhaji yakan sayar da shadda ɗaya a farashi biyu cikin ciniki ɗaya, sai a ba kowane layi lambarsa. Wannan kuma Alhaji ake tambaya, matambayi ba ya ɓata, amma ku girman kai ya hana ku zama da ɗan kasuwa minti goma, kun fi son a ce muku injiniya a shafukan sada zumunta. Na biyu, duk lokacin da ka haɗa tebura ka tsallaka ta kan ƙafar hankaka, layuka suna ninkuwa. In ka ajiye jimlar 144,000 a teburin `rasit`, ka haɗa shi da `layin_rasit`, sannan ka tara jimlar, 432,000 za ka gani, don rasit ɗin ya fito sau uku. Idan lissafi ya zo maka ninki biyu ko uku cif, koma kan zanen ka duba wane layi ka tsallaka.

Mu a lokacinmu malami ba ya barin ka taɓa na'ura sai ka zana a takarda da fensir, ka tashi tsaye ka karanta kowane layi gaba da baya, in ka yi tuntuɓe a mayar da kai. Muna jin haushi a lokacin. Kai, ko tsofaffin akawun kasuwar nan da ba su taɓa jin sunan Chen ba sun san sunan mai saye a saman rasit ake rubuta shi sau ɗaya, kaya kuma kowanne da layinsa a ƙasa, da adadinsa da kuɗinsa. Littafin rasit mai kabon da ke kan teburin Alhaji ma zanen ne, yaron yana zaune kusa da shi wata huɗu bai duba ba. Yau kowa so yake ya gama cikin dare ɗaya ya ɗauki hoto ya watsa. An ce tun ran gini tun ran zane, ku kuwa sai gini ya tsage kuke neman zanen, in ma kun neme shi.

Da la'asar na bar su. Lambobin kaya za a iya warware su daga cikin waƙafi, amma adadi da farashin ranar ciniki ba a taɓa shigar da su ba, babu inda za a tono su sai takarda. Alhaji ya sa an sauko da littattafan kabon na wata huɗu daga saman kanta, ya tura wa yaron gabansa, ya ce ya cire abin kunnen nan ya fara daga na farko.