Idan ɗakin keɓewa ɗaya ne a sashen yara, mai ƙyanda za a ba

A ɗauka watan Maris ne, zafi ya kankama, an kawo yara uku sashen yara a dare ɗaya. Na farko yana da zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare. Na biyu tari da majina, idanu jajur, ƙuraje sun feso daga bayan kunne zuwa fuska. Ta uku gudawa take yi kamar ruwan shinkafa. Ɗakin keɓewa kuwa ɗaya ne tak. Zuciya za ta ce a kai mai sanƙarau, tunda sunan cutar kaɗai kan tayar da hankali. Ni a ganina mai ƙyanda ne ya cancanci ɗakin, domin hanyar da ƙwayar cuta ke bi ita ce ke nuna irin kariyar da za a ɗauka.

Ƙwayar sanƙarau, irin wadda ta yi ɓarna a Zamfara a 2017, tana fita ne cikin feshin tari da atishawa. Feshin yana da nauyi, ba ya nisa, yakan faɗi cikin tazarar mita 1 zuwa 2. Saboda haka idan babu ɗaki, ana iya kai gadon yaron ƙuryar sashe, a bar aƙalla mita 1 tsakaninsa da na kusa, a ja labule, duk wanda zai matso ya sa takunkumin tiyata. Bayan awa 24 da fara maganin da ya dace, ana iya ɗage wannan kariya. Mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023, da tarin shiƙa da hangum duk wannan hanya suke bi, sai dai kowanne da tsawon kwanakinsa.

Ƙyanda ba ta san labule ba. Ƙwayarta na shawagi a iska kamar hayaƙin murhu, tana iya kai awa 2 a ɗaki bayan an fitar da mai ita, kuma yaro yana yaɗa ta daga kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan fitowarsu. To dubi waɗanda ke kwance a sashen: jariran da ba su kai wata 9 ba balle a yi musu rigakafi, da masu tamowa waɗanda jikinsu ba zai jure ba. Kwana ɗaya a tsakiyarsu ya isa. Shi ya sa ake kai shi ɗaki tun daga bakin ƙofa, da ganin alamu, ba a jiran sakamakon gwaji. A manyan asibitoci akwai ɗakin da inji ke zuƙe iskarsa zuwa waje, yana sauya ta sau 12 a awa. Inda babu shi, a rufe ƙofar da ke kallon baranda, a buɗe tagogin da ke kallon waje. Rufe taga a kunna fanka juya iskar kawai yake yi a wuri ɗaya. Tarin fuka da ƙarambau ma ta iska suke bi, amma ƙarambau ana haɗa masa da kariyar taɓawa saboda ruwan ƙurajensa.

Nan ne wurin takunkumin N95, mai tace ƙwayoyin cutar da ke shawagi a iska, kuma nan ya kamata a adana shi. Takunkumin tiyata yana da kafa ta gefen kunci, iska na shiga ta nan. Shi ma N95 sai ya manne: a rufe shi da tafin hannu a fitar da numfashi, idan iska ta taɓa ido ko tabarau ya yi hazo, bai zauna ba. Gemu yana hana shi mannewa, kuma wannan magana ce da ya kamata a faɗa wa ma'aikata maza a fili. Ya fi dacewa wanda ya yi rigakafi ko ya taɓa yin ƙyanda shi ya riƙa shiga.

Ita mai gudawa, takunkumi ba zai tsinana mata komai ba. Cutarta a hannu take tafiya, da fo, da zanen gado, da ƙarfen gado. Safar hannu da rigar leda ake sawa, a cire su kafin a bar gefen gadonta, a wanke hannu da sabulu, a ware mata ma'aunin zafinta. Safar da aka zagaya gado biyar da ita ta zama abin yaɗa cuta.

Na san mahaifin mai sanƙarau zai ce ɗansa ne ya fi jin jiki, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ɗakin keɓewa ba ya ƙara magani, yaro mai jijjiga ma ya fi samun kulawa a inda idon ma'aikaciyar jinya ke kansa. Ya kamata a zauna a yi wa uban wannan bayani cikin mutunci, sannan a rubuta irin kariyar a manna a jikin gado ko ƙofa, don masu karɓar aikin asuba da masu shara da 'yan dubiya su gani kafin su matso.