Kullewar gimbal: abin da ke faruwa tsakanin kifirem biyu, da inda kwataniyon ya fi Euler

'Yan'uwa masu animeshin, akwai shawarar da ake yawan bai wa duk wanda hannun ɗan wasansa ko kyamararsa ta yi wata irin murɗawa a tsakiyar motsi: "Ka koma kwataniyon kawai." Kwataniyon wata hanya ce ta adana juyi da lambobi huɗu a madadin uku na Euler. Shawarar ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce. A ganina wanda bai san me ya murɗe masa abu ba, ko ya koma kwataniyon zai ci karo da wata matsalar, kuma ba zai gane ta ba.

Juyin Euler lambobi uku ne da ake aiwatarwa ɗaya bayan ɗaya. A Blender, idan `Rotation Mode` yana kan `XYZ Euler`, ana fara juya abu a kan X, sai Y, sai Z. Wannan jeri shi ya sa suka zama kamar zobba uku, wani cikin wani: Z a waje yana ɗauke da Y, shi kuma Y yana ɗauke da X. In kana son gani da idonka, ka mayar da `Transform Orientation` zuwa `Gimbal`, ka riƙa ƙara Y a hankali. Za ka ga zoben X yana kwantawa yana nufar zoben Z. Da Y ta kai digiri 90, sun haɗe sun zama ɗaya.

A wannan wurin X da Z aiki ɗaya suke yi, ɗaya na juyawa gaba, ɗayan kuma baya, kuma abin da ke tasiri kawai shi ne Z a cire X. Ka gwada: X=0, Y=90, Z=40 da X=10, Y=90, Z=50 tsayuwa ɗaya ce, ba bambancin ko gashi. Lambobi uku ne a allo, amma hanyoyin juyi biyu suka rage. Wannan ita ce kullewar gimbal.

Abin da aka fi mantawa shi ne, ɓarnar tana farawa tun kafin a kai 90. Idan kana son karkata abu zuwa ɓangaren da ke shirin ɓacewa, yawan canjin da X da Z za su yi yana tafiya ne da `1/cos(Y)`. A digiri 80 kusan ninki shida ne, a 85 ya haura ninki goma sha ɗaya, a 89 kuwa kusan ninki 57. Shi ya sa za ka taɓa abu kaɗan, ka duba `Graph Editor` ka tarar layukan X da Z sun yi tsalle tare a firem ɗaya alhali abin da ke allo da ƙyar ya motsa. Duk inda ka ga wannan, kuma layin tsakiya yana yawo kusa da 90 ko −90, to ka gano mai laifin.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Jirgin sama ne, hancinsa na kallon X. A firem 1 juyinsa (0, 80, 0), wato ya sunkuya hancinsa ya kusa kallon ƙasa kai tsaye. A firem 25 muna so ya ƙara digiri 20 a kan Y, ya zama (0, 100, 0). Idan da hannu ka rubuta lambobin nan, ba abin da zai faru. Y za ta ratsa 90 ta wuce lafiya lau, domin ba ka nemi juyin da ya ɓace ba.

Matsalar tana zuwa ne idan manhaja ce ta lissafo lambobin daga tsayuwar abin, kamar lokacin `Bake Action`, ko shigo da motsin da aka ɗauko daga jikin mutum, ko wani ɗan kod da ke kiran `to_euler()`. Kowace tsayuwa tana da rubutu biyu a Euler: (x, y, z) daidai yake da (x+180, 180−y, z+180), ban da ƙarin 360 da za a iya yi wa kowace lamba. Saboda haka (0, 100, 0) zai iya fitowa a matsayin (180, 80, 180), ko kuma (180, 80, −180). Dukkansu ukun hoto ɗaya ne a firem 25. Ka tsaya a firem 1, daidai. Ka tsaya a firem 25, daidai. Sai ka danna `Play`.

Manhaja ba ta san komai game da juyi ba a lokacin cike tsakani. Layuka uku take gani, kowanne tana ja da shi daga lambar farko zuwa ta biyu ba ruwanta da sauran. A rubutu na biyu, firem 13 zai zama (90, 80, 90). Idan ka lissafa, hancin jirgin ya kauce gefe da digiri 10 daga inda ya kamata. Maimakon ya ratsa ta tsakiya, sai ya zagaye wurin a rabin da'ira, ya yi tafiyar kusan digiri 31 a madadin 20. Wannan ita ce 'yar lanƙwasar nan da ke sa ka zauna kana ƙara kifirem kana gyarawa, kana ƙara dagula layukan.

Rubutu na uku shi ne mai ban haushi. Firem 13 ya zama (90, 80, −90), Z a cire X ya ba da −180, jirgin ya kife bayansa ya koma cikinsa. Kafin firem 25 ya mirgina zagaye guda cur a kan hancinsa, a motsin da digiri 20 kacal aka nema. Bambancin rubutu na biyu da na uku alamar ragi ɗaya ce, kuma a daidai 180 ɗan guntun kuskuren lissafi na bayan ɗigo ya isa ya zaɓi wanda zai fito.

Kwataniyon, wanda William Rowan Hamilton ya gano a Dublin a 1843, ba ya jera juyi uku. Aksis ɗaya yake ɗauka da kusurwa ɗaya, θ, ya adana su a lambobi huɗu: W ita ce `cos(θ/2)`, sauran ukun kuma aksis ɗin ne an ninka shi da `sin(θ/2)`. Tunda babu zobe cikin zobe, babu inda biyu za su haɗe. Jirginmu a firem 1 yana da W=0.766 da Y=0.643. A firem 25 yana da W=0.643 da Y=0.766. X da Z sifili ne a duka biyun. Tsakiyarsu W=0.707, Y=0.707, wato digiri 90 cif a kan Y, inda muke so tun farko.

Dalilin santsin shi ne duk kwataniyon juyi tsawonsa 1 ne, don haka kowace tsayuwa ɗigo ce a bayan wata ƙwallo da ke cikin sarari mai aksis huɗu. Hanyar `slerp`, wadda Ken Shoemake ya gabatar wa masu zanen kwamfuta a taron SIGGRAPH na 1985, tana bin gajeriyar hanya tsakanin ɗigo biyu, kamar zaren da aka ja ya miƙe a bayan ƙwarya.

```
cos(Ω) = q0 · q1
q(t) = (sin((1−t)Ω)·q0 + sin(tΩ)·q1) / sin(Ω)
```

`q0` da `q1` su ne kwataniyon kifirem na farko da na biyu, `t` kuma lokaci ne daga 0 zuwa 1. A misalinmu `q0 · q1` ya ba da 0.985, Ω digiri 10 ce, rabin juyin gaske. Abu biyu ake samu daga nan: abin yana juyawa a kan aksis ɗaya tilo daga farko har ƙarshe, kuma kowane firem yana cin kusurwa daidai da na bayansa.

To ina ragowar rabin maganar? Na farko, `q` da `−q` tsayuwa ɗaya ce. Idan kifirem na biyu ya fito da W=−0.643, Y=−0.766, hoton firem 25 bai canja ba, amma cike tsakanin zai bi ta baya ya yi digiri 340 a madadin 20. Alamarsa ita ce `q0 · q1` ya zama ƙasa da sifili, kuma maganinsa layi biyu ne:

```python
if q0.dot(q1) < 0:
    q1.negate()
```

Sannan kada ka ɗauka duk inda aka rubuta `Quaternion` to `slerp` ake yi. Blender tana jan layukan W, X, Y, Z ne kowanne daban, sa'an nan ta mayar da tsawon zuwa 1. A juyin digiri 20 ba za ka ga bambanci ba. A juyin digiri 170 da layi miƙaƙƙe kuwa, a kwatan lokaci `slerp` zai kai digiri 42.5, wannan hanyar kuma wajen 36, sai ta yi sauri a tsakiya ta sake lafawa. Tsarin fayil na glTF 2.0 shi kuma yana adana juyi a kwataniyon, yana amfani da `slerp` idan an zaɓi `LINEAR`, kuma jerinsa XYZW ne, ba WXYZ irin na Blender ba. Mai rubuta kod da ya manta wannan zai ga komai ya tsaya a karkace.

Babbar iyakarsa ita ce bai san zagaye ba. Tayar mota da za ta juya digiri 720, a kwataniyon kifirem ɗinta na farko da na ƙarshe lambobi ɗaya ne, tayar ba za ta motsa ba. Dole ka sassara motsin, kowane kifirem ƙasa da digiri 180, a aikace kowane 90. A Euler kuwa lamba ɗaya ce ka rubuta 720 ka tashi. Ga kuma gyaran layi: layin Y na Euler kana kallonsa ka san digiri ne, ka ja shi sama ka ƙara lilo. Layin W fa? Babu mai gyara shi shi kaɗai ya san abin da zai fito.

Saboda haka ni ga yadda nake ganin ya kamata a raba. Taya, fanka, ƙofa, gwiwa da gwiwar hannu, duk abin da aksis ɗaya ke ɗaukar nauyin motsinsa, a bar shi a Euler. Sai dai a zaɓi jerin tun kafin kifirem na farko, a sa aksis ɗin da ba zai taɓa kusantar 90 ba a tsakiya. Jirginmu da ke sunkuyawa a kan Y, da an ba shi `XZY Euler`, Y ta koma waje, Z ta zama ta tsakiya tana zaune a sifili, matsalar ba ta taso ba. Kafaɗa, ƙugu, wuyan hannu da abin da aka jefa yana wulwulawa a iska ta ko'ina, waɗannan na kwataniyon ne, kuma ba banza ba Blender take fara ƙasusuwa a kan `Quaternion (WXYZ)`.

Idan aikin ya riga ya yi nisa a Euler, ka zaɓi layukan juyi ukun tare ka kunna `Discontinuity (Euler) Filter` a Blender, ko `Euler Filter` a Maya. Aikinsa shi ne zaɓo wa kowane kifirem rubutun da ya fi kusa da na bayansa, ya kawar da mirginar nan ta zagaye guda, amma bai cire kullewar ba, kuma ya fi aiki idan X, Y da Z duka suna da kifirem a firem ɗaya. A kod kuma ka miƙa wa `to_euler('XYZ', e_baya)` juyin firem ɗin da ya gabata don ya zaɓi makusanci. Kada kuma ka canja `Rotation Mode` a Blender bayan ka gama sa kifirem kana zaton za su bi ka: tsofaffin layukan na nan a `rotation_euler`, ƙashin kuma ya koma karanta `rotation_quaternion`, sai ka sake yin `Bake Action` ko ka sake sa kifirem ɗin a sabon tsarin.