Ranar da injin ban ruwana ya koma buta

Shekaru uku injina mai inci uku yana cika fangalin albasa kafin na gama kurɓar koko. Sai ga wata Asabar, a tsakiyar noman rani, na tayar da shi, yana ta ruri kamar zai tashi sama, amma abin da ke fita daga bakin tiyo bai fi na butar alwala ba. Wani lokaci ma sai ya yi tari, ya tofo kumfa, ya yi shiru.

Da yake na taɓa riƙe wa bakanike sifana sau biyu, ina ganin kaina rabin injiniya ne. Na ƙure wuta. Ƙara ta ƙaru, fetur ya ragu, ruwa yana nan yadda yake. Na canza fulogi, na wanke kafireta. Har na fara zargin bakin mutane, don ranar Juma'a wani ya ce albasata ta yi kyau bai ce masha Allah ba.

Dattijon da gonarsa ke jikin tawa ya daɗe yana kallona daga kan kunya. Can ya tako.

"Malam, injin yana tashi?"

"Yana tashi, Baba."

"To me kafireta ta yi maka? Mai tura ruwa daban, mai juya shi daban. Ka duba futbal?"

Na ce ni ban cika kallon ƙwallo ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe futbal shi ne kan nan mai raga da ke ƙarshen tiyon da ke cikin kogi. A cikinsa akwai murfin roba da ke buɗewa ruwa ya hau, ya rufe kada ya koma, ragar kuma tana tare shara.

Bai fara da shi ba tukuna. Ya kashe injin, ya buɗe murfin sama, ya sa na cika cikinsa da ruwa, ya sake tayarwa. Sannan ya ɗebo ruwa a gwangwani yana kwarara wa a mahaɗar tiyo da injin. Nan take tarin ya tsaya, ruwa ya ɗan ƙaru, da gwangwanin ya ƙare kuma tari ya dawo. Ya ce wurin yana shan iska. Ɓangaren zuƙo ba ya yoyo a gani, domin ruwa ba ya fita ta ramin, iska ce ke shiga, kamar mai shan kunu da tsagaggen tsinke. Da muka kwance, zoben robar ciki ya bushe ya tsage. Baba ya yanko tsohon tiyub na keke ya yi wani, muka ɗaure kilif tam.

Kumfa ta tafi, amma ruwan bai cika tiyo ba. Injin kuma yana wata ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, tiyon zuƙo yana motsewa. Baba ya ce wannan yunwa ce, yana ja ba ya samu. Na naɗe wando na shiga kogi na jawo futbal.

A nan asirina ya tonu. Wata guda da ya wuce dabara ta zo mini, na naɗe ragar da tsohuwar singiletina don ta tace ruwa. Singiletin ta sha laka ta zama kamar fatar ganga, ga ledar fiya wata biyu sun manne, ga wani kwaɗo da ya fito yana harara ta kamar na tashe shi daga gidan haya. Baba ya ɗaga singiletin da sanda ya ce, "Wane maƙiyin ne ya yi maka wannan?" Na ce yara ne.

Bayan mun wanke, ruwa ya ƙaru sosai, sai dai da na ja tiyo zuwa fangalin da ke kan tudu, ya gaza hawa. Baba ya kwance fuskar injin ya nuna mini farfelar da ke ciki. Fikafikanta sun siɗe, bakinsu ya yi laushi kamar tsohon cokali, tazarar da ke tsakaninta da murfi ta buɗe. Ya ce a haka ruwan zagayawa kawai yake a ciki, shi ya sa injin ke gudu sakayau ba nauyi. Dalili kuwa, kafin zamanin singileti, shekaru uku futbal ɗina yana kwance a kan yashi, injin yana shan rairayi yana goge kansa.

Washegari na sayo sabuwar farfela da sil a kasuwa. Muka ɗaure futbal a jikin jarkar da ba komai, ya rataya a tsakiyar ruwa, kamu biyu sama da yashi, kuma bai kusa da sama ba balle ya shaƙi iska. Injin ma muka matso da shi bakin ruwa, don Baba ya ce irinsa ba ya iya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ke raguwa.

Na ja igiya. Na manta bakin tiyo yana kallona. Ruwan ya ɗauke hulata ya jefa cikin kogi, Baba kuwa ya ce in yi maza in kamo ta kafin ta isa futbal, kada a sake cewa yara ne.