Kashi 15 ba faɗuwa ba ne

Jiya da daddare ina makin takardun gwajin ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe a nan Gombe, tambaya ɗaya ta hana ni barci. Na ce su faɗi zafi da matsin da ake haɗa amoniya da su, su kuma kawo dalili. Kusan kowa ya rubuta digiri 450 da matsi 200 da katalis na ƙarfe, wato abin da ke hanzarta haɗuwar, daidai kamar karatun allo. Da aka zo dalili sai aka watse. Fiye da rabi sun ce wai a nan ne aka fi samun amoniya mai yawa. Ba haka ba ne, kuma laifin namu ne malamai, mu muka ba su hadda muka hana su labarin cinikin da ke ciki.

Ga abin da ke faruwa a tukunyar masana'anta, inda naitirojin da haidirojin ke haɗuwa su ba da amoniya: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃. Haɗuwar tana fitar da zafi, kuma tana iya warwarewa ta koma baya. Tunda zafi take fitarwa, in ka ƙara mata wuta sai ta ja da baya. A matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 200, in ka bar iskar gas ɗin ta zauna har ta daidaita a digiri 200, fiye da kashi 80 cikin ɗari zai zama amoniya. A digiri 500 ko kashi 20 ba ka samu.

Da na faɗi haka a aji, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "To Malam, me ya sa ba za a yi a digiri 200 ɗin ba a huta?" Na ce mata madalla, ke kaɗai kika yi tambayar da ta dace.

Amsar tana jikin naitirojin. Ƙwayoyinsa biyu ɗaure suke da igiya uku, ɗaurin da yana cikin mafi ƙarfi da aka sani, shi ya sa muke shaƙarsa dare da rana bai taɓa yi mana komai ba. A digiri 200, ko da ƙarfen yana ciki, kwance wannan ɗauri tafiyar hawainiya yake yi. Kashi 80 ɗin nan alkawari ne kawai, irin bashin da aka ce za a biya ka amma ba a sa rana ba. Masana'anta kuwa ba kaso take sayarwa ba, tan take sayarwa, kuma a kowace rana. Gara ka karɓi kaɗan yanzu-yanzu, ka sake karɓa, ka sake, da ka zauna jiran mai yawa.

Ra'ayina shi ne, ba injiniya ne ya zaɓi digiri 450 ba, ƙarfen ne ya zaɓa masa. Katalis ɗin ƙarfe ba ya farkawa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 400. In kuma aka zarce 500 da nisa, asara biyu ce: kason ya faɗi, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen su manne da juna, fuskar da gas ke sauka a kai ta ragu, kuma ba ta dawowa. Tsakanin nan aka matse mu. Katalis bai ƙara ko ɗigo a kan inda daidaiton zai tsaya, hanya kawai yake gajartawa, zuwa da komowa duka. Duk wanda ya rubuta mini cewa yana ƙara yawan amoniya, jan biro ya sha.

Shi kansa ƙarfen ciniki ne. Da Fritz Haber ya nuna abin yana yiwuwa a 1909, da osmiyam ya yi, wani ƙarfe mai tsada da ƙaranci wanda ba zai taɓa isar duniya ba. Sai da Alwin Mittasch na kamfanin BASF ya yi dubban gwaje-gwaje kafin ya tsaya a kan ƙarfe na gama-gari da aka sa wa ɗan alumina, don ya hana ƙwayoyin mannewa, da ɗan sinadarin fotasiyam, don ya ƙara masa kuzari. Yau akwai katalis na ruteniyam da ke aiki a matsin da bai kai 100 ba, amma tsadarsa ta sa har gobe ƙarfe ne sarki.

Shi matsi ba shi da wannan rikicin. Ƙwaya huɗu ke shiga, biyu ke fita, don haka in ka matse, haɗuwar gaba take yi, saurin ma ya ƙaru. Kuɗi ne kaɗai ke taka masa birki. Duba a digiri 450. A matsi 100, daidaito yana ba da kusan kashi 16. A 300, kusan 36. A 600, kusan 54. A 1000, kusan 70. Ka lura da kyau: a farko kowane ƙarin 100 yana kawo maka kusan kashi 10, daga baya 6, daga baya 4. Riba tana raguwa, amma kaurin bangon tukunya da makamashin da injin matsa iska ke ci hawa suke yi. Tayar motarka da mai faci ke ɗura wa iska a bakin tasha kusan 2 take ɗauka. Yi tunanin ninkinta ɗari, da haidirojin mai kama wuta, a zafin digiri 450. Tukwanen gwajin farko na Carl Bosch, injiniyan BASF, fashewa suka yi, domin haidirojin yana kutsawa cikin ƙarfen bangon ya cinye kabon ɗinsa ya bar shi da gautsi. Sai da ya yi wa cikin tukunyar shimfiɗa da ƙarfe mai taushi, ya huhhuda bangon waje don gas ɗin da ya ratsa ya sami mafita, sannan masana'antar Oppau da ke Jamus ta tashi a 1913.

To a haka, zagaye ɗaya kusan kashi 15 kawai yake bayarwa, don ba a ma jira a kai daidaito. Wannan ne ɗalibai ke gani su ce asara. Ni kuwa duk lokacin da na zo nan, mahaifiyata nake tunawa tana tankaɗe. Ta daka, ta zuba a rariya, garin ya sauka, tsakin ya koma turmi. Ba ta taɓa cewa sai bugu ɗaya ya mayar da komai gari ba. Haka masana'anta take yi. A sanyaya gas ɗin da ya fito, amoniya ta zama ruwa tunda ita a digiri 33 ƙasa da sifili take zama ruwa ko ba matsi, a ƙarƙashin matsi kuwa tun kafin nan, alhali naitirojin sai an kai 196 ƙasa da sifili. A tsiyaye ta, sauran ya koma tukunya tare da sabo. Daga ɗari ka cire 15, saura 85. Zagaye na biyu ya ci kusan 13, saura 72. Haka har a ƙarshe kusan kashi 97 ya zama amoniya. Ɗan abin da ke ɓacewa ma da gangan ne: iskar agon da ta misen da ke biyo gas ɗin ba sa haɗuwa da komai, taruwa suke yi, dole a riƙa zubar da kaɗan.

Abin da ma'aikaci ke tsoro shi ne guba. Ɗan salfa kaɗan ya kashe ƙarfen har abada. Tururin ruwa ko kabon monoksaid sukan sumar da shi, in ba su daɗe ba ya farfaɗo. Ana ganewa ba tare da an buɗe tukunya ba: gas ɗin da ya ratsa katalis ba ya ɗaukar zafi kamar da, wurin da ya fi zafi ya gangara can ciki, matsin zagayen ya fara hawa don abin da ke shiga ba ya cinyewa. In tsufa ne kawai, sai a ɗan ƙara zafi, a sayi sauri da kaso.

Buhun yuriyar da manomin shinkafa a Dadin Kowa ke kuka da farashinsa daga amoniyar wannan tukunya aka yi shi, ko a masana'antar taki ta Eleme ko ta Lekki. Ranar Litinin zan mayar wa yaran takardunsu, in sake ba su tambayar, amma wannan karon zan ce: an ba ka katalis da ke aiki da sauri a digiri 250, me za ka fara ragewa?