Ku bar yaron nan ya biya SSNIT ɗinsa

Tun jiya raina a ɓace yake kan abin da aka yi wa ƙanena a zauren dangi. Kun dai gani. Mutum yana tuƙi a Doha ta ƙasar Katar, ya ce duk wata yana tura sidi 270 SSNIT, hukumar fansho ta Gana, sai aka yi masa ca, wai wa ke zuba kuɗi a Gana alhali ya bar Gana. Haba jama'a!

Shekara 11 ya yi yana aiki a Kumasi ana cire masa kuɗin SSNIT a albashi, wata 132 ke nan. Dokar fansho ta 2008 ta ce sai ka cika wata 180 kafin ka samu fansho na wata-wata idan ka kai shekara 60. Saura masa 48 kacal. In ya tsaya a nan, abin da za a yi masa shi ne a mayar masa da kuɗinsa da ɗan ƙari, a dunƙule, sau ɗaya, shi ke nan. In kuwa ya cike, zai riƙa karɓa har ƙarshen ransa. Wata 48 ne tsakani, kuma su ne kuke cewa ya watsar.

Tunda ba shi da uban gida a Gana yanzu, shi ya faɗi abin da za a lissafa masa a kai, sidi 2,000, yake biyan kashi 13.5 cikin ɗari daga aljihunsa. Ga inda 270 ɗin ta fito.

Abin da ya fi ci mini rai kuma, babu wanda ya yi maganar nakasa. Kafin a ba mutum fanshon nakasa, dole a ga ya biya aƙalla wata 12 a cikin wata 36 na ƙarshe. Ka yi shekara uku ba ka biya ba, wannan ƙofar ta rufe, ko da ka yi shekara goma kana biya a baya. Direba ne fa, kullum yana kan titi. Allah ya kiyaye, in wani abu ya same shi, Katar ba ta ba baƙo fansho. Kuɗin sallama ne, albashin mako uku kan kowace shekara, sai jirgi zuwa gida. Wa zai riƙe shi da 'ya'ya huɗu? Mu ne, kuma mun san ƙarfinmu.

Wai sidi na faɗuwa. Na ji. Wai ya sayi fili. Ya saya mana, wa ya hana? Fili dai ba ya turo maka kuɗin cefane ƙarshen wata in ƙafa ta ƙi takawa. Wata 48 nake magana.

Af, tunda an zo nan: ƙanena, takardar magadan da ka cike tun kana gwauro, sunan marigayiya Inna ne kaɗai a kai. In ka zo hutun babbar sallah ka je ofishinsu da katinka na ɗan ƙasa ka sa matarka da yaran. Ni ma sai bara na gyara tawa.