Ranar suna ba wa'adin ragon suna ba ce

Wata uwa ta saka hotunan sunan 'yarta, ta rubuta a ƙasa: "Alhamdu lillahi, yau an raɗa wa 'yata suna Maryam. Sai dai ba mu samu halin yanka rago ba. 'Yan uwa, shin sunan ya yiwu kuwa?"

Maman Maryam, barka da arziki, Allah ya raya mana ita. Sunan ya yiwu sarai. Raɗa suna daban, yanka daban, mu ne muka saba haɗa su da safiyar rana ta bakwai har muke ganin kamar ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Annabi (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna tun ranar da aka haife shi.

Yankan nan, wato aƙiƙa, a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa mustahabbi ne ga mai hali. Wanda bai da shi ba laifi a kansa, kuma raina yana ɓaci idan na ga magidanci ya ci bashi don gudun surutun dangi. Dabba ɗaya ta wadatar, ko namiji aka haifa ko mace, kuma ba lallai sai rago ba, tunkiya ko akuya lafiyayya irin wadda za ta yi layya ta isa.

Game da yankawa daga baya, mashahurin zance a Malikiyya shi ne lokacinta yana wucewa da faɗuwar ranar bakwai, amma malaman Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta a yi bayan nan. Idan baban Maryam ya samu buɗi, yana iya yankawa bisa wannan fatawar, ba sai an sake tara jama'a ba.