Ba farashin ba ne laifin, inda ribar ta sauka ne

Wani ya yi tambaya a kan rassa biyu na kamfani ɗaya da ke ƙasashe daban-daban suna sayar wa juna kaya: "To ai kamfanin nasu ne duka biyun, ina ruwan gwamnati da yadda suka sayar wa juna?"

Malam, da ruwanta kuwa, domin kowace ƙasa ribar da aka rubuta a cikinta take cire wa haraji. Mu ce reshen da ke haƙar ma'adini ya kashe dala 60 a kan kayan da kasuwa ke saye dala 100, kuma harajin ƙasar kashi 30 cikin ɗari ne. Riba 40, haraji 12 ke nan. Sai ya sayar wa ɗan'uwansa da ke ƙasar da harajinta kashi 5 ne a kan dala 65, shi kuma ya sayar 100. Yanzu ribar 5 ta biya 1.5, ribar 35 ta biya 1.75. Jimilla 3.25 maimakon 12, alhali jirgin da ya ɗauki kayan ko leƙa ƙasa ta biyun bai yi ba. Takarda ce kawai ta yi tafiya.

Shi ya sa ƙa'idar OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe a fannin tattalin arziki, ta ce a sa farashin da baƙo zai sayar wa baƙo. Ga ma'adinai da yawa abin da sauƙi, farashinsu na fili ne. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin amfani da sunan kamfani da ladan shawarar gudanarwa, tunda da wuya a samu irinsu a kasuwa a gwada. A nan mai binciken haraji kan duba ko reshe ya shekara goma yana kukan asara amma kullum faɗaɗa masana'anta yake, ko ɗan'uwan da ya kwashi ribar ma'aikatansa ba su wuce uku ba.